Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Matasan Injiniyoyin Zariya Masu Shirin Fita Bautar Ƙasa

Ƙannena maza da mata, na Samaru da na Nuhu Bamalli, assalamu alaikum.

Ni yayanku ne a wannan karatu. Injiniyan lantarki na karanta, kuma yau da aikin sola nake ci da iyalina a nan Zariya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, duk lokacin da ɗayanku ya zo wurina neman gurbin koyon aiki na wata shida, nakan tambaye shi inda yake son ya dosa bayan ya gama. Kusan kowa amsarsa ɗaya ce: NNPC, in ba a samu ba to matatar Ɗangote. Idan na ce to in duka biyun ba su samu ba fa, sai a yi shiru, ko a ce Allah zai kawo. Allah zai kawo, babu shakka. Amma ni ma wannan amsar na bayar a lokacina, kuma ta zaunar da ni shekara uku a ɗakin soro ina cika fom. A cikin shekarun nan har wani ya karɓi kuɗin mahaifiyata, kuɗin da ta sayar da tumakinta ta haɗa, da sunan yana da gurbi a hannu. Ba mu sake ganin kuɗin ba, ba mu ga aikin ba. Ba na son ko ɗayanku ya yi irin wannan zaman na tsammanin warabbuka.

Ban ce ku cire rai daga aikin mai ba. Aiki ne mai kyau, akwai albashi, akwai horo irin wanda ba a samu a ko'ina. Ina dai so ku san yadda ƙofar take kafin ku tsaya a bakinta.

Aikin haƙar mai a Najeriya yana Neja-Dalta da cikin teku, ofisoshinsa kuma suna Legas da Fatakwal da Warri. Mu a nan Arewa abin da muka taso muna gani shi ne matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 mai iya tace ganga 110,000 a rana, kuma kun san ta shekara da shekaru ba ta tace mai yadda aka gina ta ta yi. A Nuwamban 2022 an ƙaddamar da haƙa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, amma tsakanin a ga mai a rijiya da a fara ɗaukar injiniyoyi da yawa akwai shekaru. Matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana tana Lekki. Saboda haka duk wanda ya zaɓi mai, ya zaɓi barin gida, kuma gara ya faɗa wa iyayensa haka tun yanzu.

Abu na biyu, manyan kamfanonin ba su ne ke da mafi yawan guraben ba. Sukan ɗauki sababbin injiniyoyi jefi-jefi, ta jarrabawar kwamfuta, da ƙa'idar shekaru da ta darajar digiri, kuma wanda ya bari shekara uku ta wuce yana jira zai iya tarar da shekarunsa sun haura ƙa'idar. Yawancin aikin hannu yana wurin kamfanonin da ke yi wa manyan hidima: masu haƙa, masu walda da duba walda, masu kula da na'urorin awo, masu gyaran famfuna da injinan matse gas. A 'yan shekarun nan ma kamfanonin Turawa sun sayar da rijiyoyinsu na tudu da na bakin teku ga na gida, Agip ga Oando, ExxonMobil ga Seplat, Shell ga Renaissance. Wanda yake nufin wannan hanya da gaske, ya yi rajista a rumbun masu neman aiki na hukumar NCDMB, wadda dokar 2010 ta kafa don ba 'yan ƙasa fifiko a harkar, ya riƙa bibiyar tallafin karatu na PTDF, ya kuma nemi wata sana'a guda ta hannu a kan digirinsa, kamar duba lafiyar walda ba tare da an fasa ƙarfe ba. Cibiyar PTI da ke Effurun tana koyar da irin waɗannan. Kuma don Allah, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi yana da gurbi, ku tashi ku ba shi wuri.

Gas ya fi mai kusa da mu. Bututun AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Aikin binne bututu yakan ƙare, amma bututu ba ya kula da kansa: akwai tashoshin awo da rage matsi, akwai aikin kare ƙarfe daga tsatsa, akwai masana'antun da za su so a ja musu reshe. Sannan tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnati ta matsa a kan mayar da motoci su yi amfani da gas ɗin CNG. Ga ɗan kanikanci ko ɗan sinadarai wannan fage ne na gaske. Sai dai ku riƙe lamba ɗaya: ana ɗura CNG a matsin da ya kai bar 200, alhali tukunyar gas ta girki ba ta saba wuce bar 10 ba. Wanda ya ɗauki tukunyar da aka haɗa da walda a gareji ya sa a mota, bam ya ɗaura wa mutane, kuma hakan ya faru a Benin a Oktoban 2024. Ko gas ɗin girkin ma, ba mu manta da fashewar Sabon Tasha a Kaduna a Janairun 2020 ba, wadda ta yi ajalin Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Mai shiga harkar gas ya shiga ta hannun cibiyar da ke da lasisi, ya koyi gwajin tukunya da gano yoyo kafin ya koyi lissafin riba.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi sani, in kuma daɗe a kansa.

Da yawanku kuna yi wa aikin sola kallon aikin masu wayarin, wanda yaro zai koya a wata uku a bayan shago a Sabon Gari. Ɗaura fanel a rufi da murɗa waya, gaskiya ne, ana koyonsu a wata uku. Amma ku zagaya Tudun Wada da Gyallesu da Samaru ku tambayi masu sola, za ku ji kuka iri ɗaya: an kashe kuɗi masu yawa, wata takwas batir ya mutu. Wannan kukan shi ne gurbinku. Abin da ya yi ƙaranci a harkar shi ne wanda zai zauna ya yi lissafi kafin a sayi ko da ƙusa. Bari in ba ku labarin aiki ɗaya dalla-dalla, don ku ga inda karatunku yake shiga.

Wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a wajen gari, inda wutar layi takan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Mai asibitin ta kira ni ta ce an sa mata sola bara, da farko tana kai su asuba, yanzu kuwa ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka ta ɗauke, sai a tayar da janareto, wani lokaci mace tana kan gwiwa. Da na tambaye ta girman abin da aka sa mata, sai ta ce kVA 5 ne. Kusan kowane kwastoma haka zai faɗa muku, domin lambar da aka sayar masa ke nan. Nakan yi musu bayani da ruwa: fanel shi ne rijiya, batir shi ne randa, inbata kuwa moɗa ce. Girman moɗa ba ya cika randa. Ita an sayar mata da babbar moɗa, an haɗa ta da rijiyar da ba ta kawo ruwa sosai.

Ban taɓa ko waya ɗaya ba a ranar farko. Littafi na ɗauka da mitar awon wuta, na bi ɗaki-ɗaki tare da ma'aikaciyar jinya mai kwanan dare, domin ita ta san abin da ake kunnawa da gaske, ba abin da mai wuri take zato ba. Zan yi lissafin da yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, irin wanda kuke saye a mitar kati. Ƙwan fitila 20 masu wat 10, awa 8 a rana, yunit 1.6 ke nan. Fanka 6 masu wat 70, awa 10, yunit 4.2. Firjin magani na auna shi kwana guda cur, ya ci yunit 1.5. Na'urar iskar numfashi mai wat 350 takan yi kamar awa 6, yunit 2.1. Kwamfuta da madubin ɗakin gwaji da cajin waya, yunit 0.6. Jimla yunit 10 a rana, kuma wajen 6 daga ciki bayan faɗuwar rana ake cinye su. Ku lura fanka ce ta fi kowa ci, abin da mai asibitin ba ta taɓa kawowa a ranta ba.

Daga nan na hau rufi. Fanel huɗu na tarar masu wat 300, jimla wat 1,200. A nan ne ake yi wa mutane wayo, ko kuma mai aikin ya yaudari kansa. Rana tana fitowa awa goma sha biyu, amma ba awa goma sha biyu fanel yake ba da cikakken ƙarfinsa ba. Idan aka dunƙule hasken yini guda a yankinmu, yakan yi daidai da awa biyar da rabi zuwa shida na rana tsaka a watanni masu kyau, a Agusta kuma, lokacin marka, yakan sauko wajen huɗu da rabi. Da watan da ya fi muni ake lissafi, domin haihuwa ba ta jiran rani. Sannan akwai asara: fanel yana rage ƙarfi idan ya yi zafi, ga ƙura, ga waya, ga caji da saukewar batir. Ni nakan ɗauka kashi uku cikin huɗu ne kawai ke isa ga mai amfani. To wat 1,200 sau 4.5 sau 0.75, yunit 4 ne da ɗan ɗoriya. Asibitin da ke cin 10 ana ba shi 4. Ragowar daga ina yake fitowa? Daga janareto kaɗan, daga jikin batir da yawa.

Batiran kuwa huɗu ne na ruwa, kowanne bolt 12, amfiya-awa 200. A takarda yunit 9.6 ke nan, kuma haka mai aikin ya faɗa mata. Amma irin wannan batir, in ana so ya yi shekaru, ba a sauke shi ƙasa da rabi, wato yunit 4.8 ne halal ɗinka. Daren asibitin yana buƙatar 6, in aka ƙara abin da inbata ke ci sai ya kusa 6.7. Kullum ana tatse su fiye da ƙima da dare, kullum kuma rana ta faɗi ba su cika ba. Batirin dalma da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, daga nan ya daina riƙe caji. Yadda za ku gane shi: da hantsi inbata za ta nuna ya cika da wuri, kamar abin kirki, amma da an ɗora masa kaya bolt ɗinsa ya zube cikin mintuna. Na auna nauyin ruwan kowane gida na batiran da ma'auninsa, na tarar wasu gidajen sun mutu murus. Ba jabu ba ne batiran, kamar yadda take zargi. Yunwa ce ta kashe su.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Wayar da ke tsakanin batir da inbata mai kaurin murabba'in milimita 10 ce, kuma babu fis ko ɗaya a kanta. Ku yi lissafin da kanku: inbata mai iya jan wat 4,000 zuwa 5,000 a kan bolt 48, amfiya 100 ne ko kusa da haka ke iya bi ta wannan waya. Tana buƙatar murabba'in milimita 25 zuwa 35 na jan ƙarfe na gaske. Robar bakin wayar har ta canza launi don zafi. Da na kankare ta da wuƙa sai ga fari a ciki, ashe alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Wannan a ɗakin da ke jikin ɗakin haihuwa. Babu sandar ƙasa da aka kafa, babu abin kare tsawa, a garin da kowa ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa.

Gyaran da na rubuta mata bai fara da saye ba, ya fara da ragewa. Na ce a sauya fankokin da irin masu cin wat 30 zuwa 35 a hankali, kuma duk wani abu mai dumama ruwa ko guga a cire shi daga layin sola. Amma na yi lissafin a kan yunit 10 ɗin, don asibiti girma yake yi. Yunit 10 a raba da 4.5 sau 0.75, ya ba da wat kusan 3,000, sai na sa fanel shida masu wat 550. Batir kuma na litiyam guda biyu, kowanne yunit 5 da ɗan kai, domin shi ana iya sauke kashi 80 cikin ɗari ba tare da an cuce shi ba, kun ga 8 ke nan a hannu a kan buƙatar 6.7. Inbatarta lafiyarta ƙalau, ban sa ta sayi wata ba.

A nan sai da na yi hattara da wani tarko da ya ƙona inbatoci da yawa a garin nan. A jikin tata an rubuta iyakar abin da take karɓa daga fanel bolt 145 ne. Kowane fanel mai wat 550 yana ba da wajen bolt 50 idan ba a ɗora masa kaya ba, lambar da za ku gani a bayansa an rubuta Voc. In ka jera uku a layi ɗaya ka kai 150, ka riga ka haura. Kuma fanel yana ƙara bolt idan ya yi sanyi, saboda haka da sanyin safiyar hunturu, rana na fitowa, lambar takan ɗara haka. Mai aikin da ya auna da azahar a watan Afrilu ya ga ta yi ƙasa, zai tafi gida da murna, a Disamba a kira shi inbata ta ƙone. Sai na jera su biyu-biyu, layi uku, kowane layi da fis ɗinsa, bayan na tabbatar cajar inbatar za ta ɗauki ƙarfin duka shidan. Muka fuskantar da su kudu, da ɗan jingine kamar digiri 12 zuwa 15, tunda Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, kuma jinginen yana taimaka wa ruwan sama ya wanke su. Na bar tazara tsakaninsu da kwanon rufi don iska ta ratsa. Na koya wa mai gadi ya riƙa wanke su da sassafe duk mako a lokacin hazo, da ruwa da tsumma mai laushi, kada ya watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi da rana tsaka.

Ku dubi wannan aikin ku gaya mini wane ɓangarensa ne ba injiniyanci ba. Dokar Ohm ce, da lissafin asara, da karanta takardar bayanin kaya, abubuwan da kuka yi a aji biyu da aji uku. Kuma na karɓi kuɗin binciken daban, kafin maganar sayen kaya. Da farko mutane sukan yi mamakin a biya kuɗin rubutu a takarda, amma wanda ya taɓa binne batir huɗu ba ya gardama.

Kada ku ɗauka sola ta tsaya a rufin gidaje. Masu noman rani a bakin Galma da Shika suna ƙona fetur a injin ban-ruwa, kuma famfon sola yana aiki da rana ba tare da batir ba, wanda shi ne ɓangaren da ya fi tsada da saurin lalacewa. Amma zaɓen famfon yana buƙatar wanda ya san zurfin ruwa, da yawan abin da rijiya ke iya bayarwa a awa, da asarar da ke cikin bututu. Wannan aikin 'yan injiniyan noma ne da 'yan albarkatun ruwa, kuma sun fi ni iya shi. Akwai ƙananan tashoshin wuta na ƙauyuka da kasuwanni, waɗanda hukumar REA ke tallafa wa, kuma a Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na irin wannan aiki. Kamfanonin da ke gina su suna neman wanda zai iya ƙidayar buƙatar gari, ya zana layin rarraba wuta, ya zauna da mai gari da 'yan kasuwa a yi maganar farashi da Hausa. Wannan na ƙarshen, injiniyan da aka turo daga Legas ba zai fi ku ba. Akwai kuma manyan tashoshi, irin ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da mai megawat 10 ta Kumbotso a 2023, kuma kowacce tana buƙatar masu kula da ita shekara da shekaru. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin za a buƙaci injiniyoyi a ofis ma, masu duba aiki da masu rubuta ƙa'ida. Ƙannena mata, na san wasunku a gida za a ce hawa rufi bai dace ba. Bincike da zane da lissafi da sa ido a kan tasha ta kwamfuta su ne rabin aikin da ya fi daraja, kuma a gidajen da namiji ba ya shiga, ke ce za ki iya bin ɗaki-ɗaki ki ƙidaya kaya.

Zan yi muku ƙarya idan na ce babu ɗaci. Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, sai ka ba da farashi yau, kafin kwastoma ya haɗa kuɗi ya tashi. Saboda haka nakan rubuta a takarda cewa farashin na kwana bakwai ne. Za ka yi lissafinka tsaf, wani ya zo ya ce zai yi a rabin kuɗin, a ba shi. Kada ka bi shi ƙasa, domin ranar da batir ya mutu sunanka za a kira a majalisa, ba a tuna cewa kai ka yi araha. In kuɗin mutum bai kai ba, ka rage masa kayan da zai kunna, ka rubuta, ya sa hannu. Akwai fanel da ake manna wa lambar da ta fi ƙarfinsa, akwai batirin litiyam da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi. Ka auna kafin ka biya, ka nemi takardar garanti mai sunan dila. Akwai bashi, musamman na 'yan uwa da na manya. Sannan shekara biyun farko abin da za ka samu ba zai kama ƙafar albashin abokinka da ya shiga kamfanin mai ba, kuma za ka ji shi a ranka idan ya zo hutun salla da mota. Akwai haɗari kuma: layin fanel mai bolt ɗari uku ko huɗu ba ya kashewa don ka kashe makunni, muddin akwai rana akwai wuta a cikinsa, kuma tartsatsinsa ba ya mutuwa da sauƙi kamar na wutar layi. Kada ku taɓa zare mahaɗin fanel alhali yana ɗauke da kaya.

Ga abin da nake roƙonku ku yi da shekarar bautar ƙasa, ko wace hanya kuka zaɓa. Idan an tura ku koyarwa, ku koyar da gaskiya, amma ku nemi wani mai aikin sola ko tashar gas ko ofishin kamfanin rarraba wuta a garin, ku riƙa zuwa da yamma da ranar Asabar ko ba a biya ku. Ku sayi mitar awon wuta mai maƙata wadda ke auna wutar batir, ba ta layi kaɗai ba, ko da kuɗin alawus na wata biyu ne. Ku buɗe littafi tun ranar farko: kwanan wata, wurin aiki, abin da aka tarar, abin da aka auna, abin da aka yi, da sa hannun injiniya mai rajista da ya duba. COREN tana neman shekara huɗu ta gogewa bayan digiri kafin ta yi muku rajista, kuma rahoton abin da kuka yi da hannunku za a tambaya. Na ga waɗanda suka yi aiki mai yawa amma suka rasa abin nunawa don ba su rubuta ba. Masu son wayarin da haɗa wuta su nemi shaidar NEMSA, masu son layi da taransifoma kuma NAPTIN tana da cibiyar horo a Kaduna. Wannan littafin, in ranar ganawa da kamfanin mai ta zo, shi zai raba ku da sauran masu digiri irin naku, domin a can ma famfo ne da injin lantarki mai juyawa da na'urar kariya.

Kafin ku bar Zariya, kowannenku ya yi wa gidansu ko masallacin unguwarsu ko cocinsu irin binciken da na yi wa asibitin nan. Ya ƙidaya kaya, ya fitar da yunit na rana da na dare, ya lissafa fanel da batir da kaurin waya, ya kai wa malaminsa ko wani injiniya ya duba masa. Wanda ya ga dama ya same ni da takardarsa, zan zauna da shi mu bi ta layi-layi. Asibitin can ma aikinsa bai ƙare ba: suna son a mayar da famfon rijiyar burtsatsensu kan sola kafin bazara, kuma har yanzu ina neman ɗan albarkatun ruwa a cikinku da zai zo mu auna abin da rijiyar ke bayarwa a awa.

Wassalam.

Yayanku,
wani injiniyan lantarki,
Sabon Gari, Zariya.